Shirun Ajin Madam Priska

Tun daga ƙofar biro, wato ofishin direkta, Madam Priska ta kasa kunne, ba ta jiyo komai daga ajinta ba, sai ta ji daɗi. Minti biyar ta ce wa yara za ta yi, ga shi ta share arba'in tana jera takardun haihuwa da hotuna cikin dosiyen jarrabawa. A CE2 ana ta buga tebur, CM1 kamar kasuwar kifi, amma nata CM2, ajin ƙarshe na firamare, tsit, kamar babu rai hamsin da huɗu a ciki. Shekara tara ke nan tana riƙe da ajin nan a lakol ɗin Tauraron Gobe, cikin unguwar Dar es Salam a Yamai, kuma duk baƙon da ya zo, nan ake fara kai shi ya ga ladabi.

Tana shiga suka miƙe gaba ɗaya, hannuwa harɗe a ƙirji. An ɗauke wuta tun ƙarfe goma, fankoki sun tsaya, zafin Afrilu ya cika ɗakin da warin alli. Jakunkunansu na jibge a ƙarƙashin allo, inda ta sa aka tara su don kada wani ya leƙa kaye, littafin rubutunsa, lokacin gwajin lissafi. Sakina, shef ɗin aji, ƴar shekara goma sha ɗaya, ta taho ta miƙa mata takardar masu surutu da hannu biyu. Suna ɗaya ne a kai, da zane uku a gabansa: Halidu Abdoulkarim.

Ta ɗaga kai ta duba bencin ƙarshe. Shi kaɗai bai miƙe ba. Ya kifa kai a kan tebur, hannu ɗaya na lilo.

Ta kira sunansa da muryar da take kiran malalata. Bai motsa ba. Ta bi tsakanin layuka, yaran na tsaye ƙiƙam, ba wanda ya waiwayo. Da ta ɗago fuskarsa ta ga leɓɓansa sun yi toka, ƙirjinsa na fitar da wani siririn fito, can ƙasa, kamar butar da ruwanta ya kusa ƙonewa. Ta san yana da fuka, uwarsa ta faɗa mata tun farkon shekara. Ta tambayi ina famfon maganinsa. Ba wanda ya amsa. Ta sake tambaya, wannan karon da Hausa. Illo, wanda suke benci ɗaya, ya ɗaga yatsa sama ya jira sai da ta ce masa ya yi magana, sannan ya nuna tarin jakunkunan da ke gaban allo.

Taki goma sha biyu ne daga bencin zuwa jakar. Daga baya ta ƙirga.

Mai gadi ya tare taksi. Ita ta rungume yaron a baya, tana fesa masa maganin a baki ba ya ja. Direba ya yi ta oda, ya hau gefen titi, ya zagi masu kabu-kabu, duk da haka sai da suka tsaya a danja biyu. A gidan likita aka karɓe shi aka rufe ƙofa. Uban, Malam Abdoulkarim, shi ma direban taksi ne, ya iso da takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta kira shi gefe. Priska ta gan shi ya zauna a ƙasa, ya cire ɗayan takalmin ya ajiye kusa da shi. Ta jira kuka ya zo mata, bai zo ba. Abin da ta lura da shi kawai, har yanzu takardar Sakina na cikin tafin hannunta, ta jiƙe da zufa.

Washegari, Laraba, bayan an komo daga gaisuwa, mai lakol ɗin ya kira ta. Alhaji Salisu ake ce masa, ko Fondater, tsohon ma'aikacin banki ne mai magana a hankali. Direkta, Malam Harouna, ko Mushe Harouna da Faransanci, na zaune a gefensa. Alhaji ya kunna mata wata murya da ke yawo a wayoyin iyaye: wani kawun yaron ne ke cewa an bar ɗansu ya mutu a kan benci, ba malami a aji, kuma ya kai takarda anspekson, hukumar sa ido kan makarantu. Ran Juma'a za su turo mutum, za a zauna da shugaban iyaye da uban yaron.

Alhaji ya yi mata ta'aziyya, ya ce kowa ya san aikinta, ba mai niyyar taɓa ta. Direkta ne ya kira ta biro, ba yawo ta tafi ba, kuma direkta ma aikin hukuma yake yi. Amma dokar cikin gida, wadda kowane uba ya sa wa hannu, ta ce in malami ba ya nan shef ke da alhakin sanar da duk abin da ya faru. Yarinyar ta gani, ba ta sanar ba, har ma ta rubuta sunan mai ciwo. Ya ce dole iyaye su ga an yi wani abu, in ba haka ba Litinin za a wayi gari benci babu kowa, malamai goma sha huɗu su koma gida. Za a kori Sakina, a cire dosiyenta daga na jarrabawa.

Priska ta ce ran Juma'ar ake rufe karɓar suna, in aka cire ta ba wata lakol da za ta iya saka ta, shekara ta tafi. Kuma Sakina ce ta ɗaya tun daga CE1.

"Yarinya ce, Madam," in ji Alhaji. "Shekara ɗaya ba komai ba ce gare ta. Ke kuwa fa?"

Mushe Harouna ya ce ba a neman ta yi ƙarya, in an tambaye ta ta faɗi abin da ya faru kawai. Ta ce to, ta yi godiya, ta fito.

Ta koma aji ta rufe ƙofa. Suka miƙe, suka gaishe ta da murya ɗaya. Ta ce su zauna, yau ba darasi, so take ta ji abin da ya faru jiya, kowa ya yi magana da harshen da ya ga dama, ba a rubuta kowa. Suka zuba mata ido, suna neman su gano amsar da take so. Ta tambaya ko sun ga Halidu ba shi da lafiya. Gaba ɗaya suka ce, "Wi, Madam." Ta tambaya ko sun san zai iya mutuwa. Suka ɗan dakata, suka karanta fuskarta, suka ce, "Non, Madam." Da ta juya tambayar ta wata fuska, suka juya amsar.

Sai ta bar wannan, ta riƙa kiransu ɗaya ɗaya zuwa baranda lokacin rekreyason, hutun shan iska.

Illo ya zo yana kallon ƙasa. A hankali labarin ya fito. Tun da safe Halidu ke tari, saboda ƴan mata sun share aji ba a yayyafa ruwa ba, kuma a bayan bencinsu ake tara sharar, can ake jingine tsintsiya da buhun tsummokin goge allo. Madam na fita abin ya taso masa. Ya ɗaga yatsa, Sakina ta yi masa alama ya sauke. Ya ce "Shef" da ƙarfi, ta rubuta shi. Ya miƙe zai tafi wajen jakarsa, ƴan gaba suka ce zai saci amsa, ta ƙara masa zane. Zane uku durƙuso ne a kan tsakuwa har a tashi, kowa ya sani. Da aka yi masa na ukun sai ya koma ya zauna.

Ta tambaye shi, shi mi ya hana ya yi magana. Ya ce bai san sunan fuka da Faransanci ba. Kuma Nazifi ya juyo ya zuba masa ido.

Nazifi ne ke rataye da sambol tun Litinin. Wani muƙamuƙin akuya ne da aka huda aka sa wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci a harabar lakol, a wuyansa ake rataya shi, ba ya rabuwa da shi sai ya kamo wani. Wanda Juma'a ta riske shi da shi, shi ke wanke masai. A takarda an daɗe da hana wannan, ita ma in baƙi za su zo cikin durowa take jefa shi, yaran kuma sun san ranar da ake ɓoye shi da ranar da ake fito da shi. Nazifi bai musa ba. Ya ce ya ji numfashin Halidu, ya san Illo na dab da magana, shi ya sa ya jira. Ya faɗe shi kamar yana ba da amsar lissafi. Har ya ƙara da cewa har yanzu yana wuyansa, ko Madam za ta yafe masa Juma'ar nan.

Wata ƴar gaba, Safiatou, ta ce su sun ɗauka ƙarya Halidu yake, ai ƴan Katako kullum haka suke in lissafi ya zo. Priska ta tambaye ta wa ya gaya mata haka. Yarinyar ta yi mamaki, ta ce Madam.

Gaskiya ne. Bayan kowace konpozison, wato jarrabawar aji, takan sake musu zama: na ɗaya zuwa na goma a gaba, kusa da teburinta da fanka, sauran su bi baya bisa makinsu. Ita ce wata rana cikin raha ta sa wa layin gaba suna Gaweye, masu shan iskar kogi, na baya kuma Katako, inda ake jibge tarkace. Ajin ya yi dariya, sunan ya zauna. Ƴan Gaweye ake aika biro, su ke riƙe alli, su ake tambaya in baƙo ya zo. Ɗan Katako in ya ɗaga yatsa, fitsari ne ko ƙarya. A watan Janairu Halidu ya nemi fita ana cikin lissafin rabawa, ta ce ciwon nasa ya iya karanta jadawali, bai taɓa zuwa ranar wasanni ba. Ranar har Sakina, wadda ba ta cika dariya ba, sai da ta rufe baki.

Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a allo ba. Abin da ta rubuta a allo, sati biyu da suka wuce, a darasin tarbiyya, shi ne wajibi ne a taimaki wanda ke cikin haɗari. Sun kwafe, sun ja layi da jan biki, alƙalamin da ake gyara da shi, sun haddace. Arba'in da ɗaya cikinsu sun ci gwajin.

Sakina ta zo a ƙarshe. Rigarta a goge, idonta a bushe. Ta tsaya ta harɗe hannu. Priska ta ce ta zauna, ta zauna a bakin kujera. Ta tambaye ta mi ya sa ba ta zo biro ta kira ta ba.

"Kin ce shef ba ya barin aji, Madam."

"Yaushe na ce haka?"

"Ranar da Haoua ta yi haɓo."

Priska ta tuna. Watan Nuwamba ne. Sakina ta rugo biro ba ta ƙwanƙwasa ba, ana cikin taro. Direkta ya ce wace irin tarbiyya ce wannan, a baya kuma aji ya kaure da ihu har Fondater ya leƙo. Kunya ta kama Priska, ta sauke ta a kan Sakina gaban kowa, ta karɓe takardar ta ba wani har sati biyu, ta ce soja ba ya barin wurin gadi don ya ga jini.

Sakina ta ce ta yi tunanin ta kai masa jakar da kanta, amma ranar gwaji ba a taɓa jaka. Ta ce ta je bakin ƙofa sau biyu ta leƙa, ba ta taka waje ba. Ta ce da ya kifa kai sai ta ɗauka ya ji sauƙi, tunda ya yi shiru. Sannan ta tambaya ko ta yi kuskure ne wajen zane na ukun, don ba ta tabbata magana ya yi ko tari ba.

Priska ta ce ta koma aji. Ba ta gaya mata maganar Juma'a ba.

Ran Alhamis Madam Balkissa ta CM1 ta same ta a ƙarƙashin iccen bedi, kwanon dambu a gabanta ba ta taɓa ba. Bafulatana ce, Priska kuwa Ba'ara daga Dogondutsi, ƙabilunsu abokan wasa ne, don haka shekara bakwai ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ta zauna ta janye kwanon, ta ce baiwa ba ta cin abinci gaban uwargijiyarta, ta kai loma biyu, ta ga ba a rama ba, sai ta ajiye cokali.

Priska ta gaya mata duka. Ta ce gobe za ta faɗa musu ita ce ta koya wa yarinyar zama, ita ta koya wa sauran kallo. Balkissa ta ce to ta faɗa, amma ta sani ba ita ta ƙirƙiro ba. Wane aji ne babu takardar surutu? Ita kanta a Birnin Konni ƙaho aka rataya mata wata guda. Su duka da haka aka yi su, ga su sun zama mutane. Kuma Priska ta tuna da Baraka, mijinta, tun da ƙungiyar da yake tuƙa wa mota ta tattara ta bar ƙasar yana gida zaune, yara uku.

"Na sani," in ji Priska.

"To ki san abin da za ki faɗa, ƴar Dutsi. Kada ki je ki tona ramin da zai ci mu duka."

Da ta koma gida ta rubuta abin da za ta faɗa a bayan wani tsohon kaye, shafi ɗaya da rabi, da Faransanci mai kyau. Ta karanta sau huɗu har ta haddace. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji ƙarfin hali ba. Ta yi tuwo, ta yi wa ƙaramin wanka, ta goge zanen da za ta ɗaura.

Ran Juma'a ƙarfe tara aka zauna a biron Fondater, inda na'urar sanyi ke aiki da janareta. Mutumin anspekson, wani mai furfura da tabarau, aka ba shi babbar kujera. Alhaji na damansa, sai direkta, sai shugaban iyaye. Malam Abdoulkarim da kawun suna fuskantarsu. Priska aka sa mata kujerar roba kusa da ƙofa. Ba a kira Sakina ba, ba a kira ubanta ba.

Aka yi addu'a. Mai tabarau ya yi magana minti ashirin da Faransanci a kan alhaki da tsari, direkta na fassara wa uban a taƙaice. Alhaji ya yi ta'aziyya, ya karanta dokar cikin gida, ya nuna inda iyaye suka sa hannu. Direkta ya ce shi ya kira malamar, aikin dosiye ba ya jira. Kawun ya ɗaga murya sau ɗaya, shugaban iyaye ya ce a yi haƙuri a bi layi, kowa zai samu lokacinsa. Priska na zaune, hannuwa a cinya, tana maimaita jimlar farko a ranta. Ta lura mai tabarau ya duba agogo. Ta lura har an riga an buga takardar hukunci, tana kife ƙarƙashin hannun direkta.

Sai da aka kusa tashi Malam Abdoulkarim ya yi magana. Ya ce shi bai zo neman a kori kowa ba, kwana ya ƙare, ya karɓa. Shi dai abu ɗaya ya hana shi barci. Ya ce shekara ashirin yana tuƙi a Yamai, in mutum ya faɗi a titi, ko ɓarawo ne, sai an taru a kansa, wani ya kawo ruwa, wani ya yi fifita. Halidu a gida in ya fara wannan numfashi ƙanwarsa ƴar shekara biyar ke rugawa ta ɗauko famfon. Sai ya juya kujerarsa gaba ɗaya, ya fuskanci ƙofa.

"Madam, ke kika san su. Yara hamsin. Ƙaƙa aka yi ba wanda ya tashi?"

Ga tambayar, an miƙo mata ita da Hausa, ba sai ta nemi izini ba. Ta miƙe tsaye, ko da yake ba wanda ya ce ta miƙe. Kafin ta buɗe baki idonta ya tafi da kansa wajen babbar kujera, daga nan ya koma kan Alhaji. Ba su harare ta ba. Mai tabarau ya riga ya rufe bikinsa, Alhaji na kallonta da fuskar mai jiran amsar da ya san ɗalibarsa ta iya. Tun tana ƴar shekara bakwai ba ta taɓa kuskure irin wannan fuskar ba, da ita ta yi ta ɗaya har ta fita makarantar malamai.

"Na bar aji a hannun shef, kamar yadda doka ta ce," ta ji bakinta na faɗi. "Ba a zo an sanar da ni ba."

Ba ƙarya a ciki ko kalma ɗaya. Mai tabarau ya gyaɗa kai, ya buɗe bikin ya rubuta. Malam Abdoulkarim ya ci gaba da kallonta na ɗan lokaci, kamar yana jiran saura, sannan ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya juya kujerarsa. Takarda ta zagayo, kowa ya sa hannu, ta iso gare ta a ƙarshe. Sunanta na nan an buga, da ɗan layi a gabansa. Ta sa hannu ta miƙa da hannu biyu.

Kafin azahar direkta ya zare dosiye ɗaya daga cikin hamsin da huɗu, ya zare na biyu, na marigayin, ya ɗaure sauran ya ba mai babur ya kai. Sakina aka ce ta je gida, za a nemi babanta. Direkta ya ce wa Priska ita ta fi dacewa ta kai takardar korar, tunda ita suka sani.

Ran Asabar da hantsi ta sauka a kasuwar Katako. Ta ratsa tsakanin masu ƙera tukwane da masu kwano, ƙarar guduma ta ko'ina, har ta kai layin ƴan katako. Malam Sani, uban Sakina, na tsaye yana auna wa wani kafinta falanki. Da ya gan ta ya saki awon, ya kakkaɓe benci da hularsa, ya aika a kawo ruwan sanyi. Bai yi lakol ba. Duk ƙarshen wata uku yakan zo da kansa ya karɓi sakamako, ya sa a karanta masa, ya yi godiya ya tafi.

Ta ba shi ambulan, ta faɗa masa abin da ke ciki. Sannan, tunda nan ba babbar kujera, sai shafi ɗaya da rabin ya fito, da Hausa, a hargitse. Ta ce ba laifin ɗiyarsa ba ne, abin da aka koya mata ta yi, kuma ita ce ta koya mata. Ta ce za ta nema mata wuri a lakol ɗin gwamnati baɗi, tana da wadda ta sani, ta maimaita CM2, za ta ci.

Ya saurara har ta gama, kansa a sunkuye. Ya ce haba Madam, kada ta ɗora wa kanta, ita da ta yi ilimi. Manya sun zauna sun duba, ai ba za su yi kuskure ba. Ya ce tun shekaranjiya maƙwabta ke nuna gidansa, ana cewa ɗiyarsa ce ta rubuta sunan yaro yana mutuwa. Wace lakol za ta shiga wannan bai riga ta isa ba? Kuma wa zai yarda ɗansa ya zauna benci ɗaya da ita? Ya riga ya yi magana da ƙanwarsa mai ɗinki a Maradi, Litinin za ta bi mota. Yarinya ce mai jin magana, duk inda aka ajiye ta nan za a tarar da ita, wannan kam ya gode wa Madam.

Ta ce a bar ta ta gan ta. Ya ɗaga murya ya kira. Sakina ta fito daga bayan tarin katako, ta sa zanen gida, garin zarto a gashin girarta. Ta tsaya nesa kaɗan.

Priska ta matsa kusa, ta rage murya, ta ce da ita da Hausa, "Sakina, ba ki yi laifi ba. Kin ji ni? In kina so ki ci gaba da lakol, ki faɗa yanzu gaban babanki."

Yarinyar ta dube ta, ta dubi ubanta, ta sake dubanta. Ta daɗe tana nema a fuskokin biyu. Priska ta yi ƙoƙari ta sa wani abu a tata fuskar, ba ta san ko ya fito ba.

"Yadda kuka ce," in ji Sakina.

Malam Sani ya ce ai ka ji. Ya raka Madam har bakin titi, ya tare mata taksi da kansa, ya faɗa wa direba Dar es Salam, ya rufe mata ƙofa. Mutum uku ne a baya, ta matsa ta ba wata mai kwandon albasa wuri. Direba ya tambaya ko ta nan gidan mai za ta sauka ko ta can gaba, ta ce duk inda ya tsaya.